Tabon da ke hannun ɗiyarki, ki fara duba ko tana ji a wurin

*Salam Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah ki duba min hoton nan da na turo. Ɗiyata ce shekararta 16, wani tabo ne ya fito mata a damtsen hannu, ya fi sauran jikinta haske, yanzu kusan wata 7 kenan. Baya mata ƙaiƙayi baya ciwo. Mutane sun ce kyasfi ne, mai kyamis ya bamu wani kirim mai magani uku a haɗe mun shafa tiyub 2 bai tafi ba sai ma ƙara faɗi da yake, yanzu kuma wani ƙarami ya fito a bayanta. Mene ne wannan Anti? Sai mun je asibiti ko akwai wani maganin da zaki faɗa min in saya?*

Wa alaikumus salam Maman yarinya, Allah ya bata lafiya ya raya miki ita. Na buɗe hoton na ƙara girmansa na duba da kyau, kuma tun farko zan gaya miki amsata saboda kar ki yi ta karatu hankalinki a tashe: eh ku je asibiti, cikin satin nan ko mai zuwa, ba wai yau da daddare ba domin ba abin gaggawa bane irin na ɗauki-mu-tafi, amma kuma ba abin da za a ƙara saya wa wani kirim a zauna jira bane. Yanzu bari in miki bayanin dalili.

Abin da ido na ya gani a hoton tabo ne guda ɗaya mai faɗi kamar gindin kofin shayi, launinsa ba fari fat ba, ya ɗan ja zuwa jaja-jaja kamar fatar ta koɗe, bakinsa ya fita sosai ana ganin inda ya tsaya, kuma samansa sumul ban ga garin fata ko ɓawo ba. Iya nan hoto ya tsaya. Hoto baya gaya min ko wurin ya bushe fiye da gefensa, baya gaya min ko yana gumi, ko gashin wurin ya zube, uwa uba baya gaya min ko tana jin taɓi a wurin. Ga shi wayoyin yanzu suna gyara launin fata da kansu, filasha kuma tana sa wurin da aka shafa wa mai ya yi ta ƙyalli har ƙananan ɓawon da nake nema su ɓace, a fata mai duhu irin tamu ma ja baya fitowa ja a hoto sai dai ya fito ruwan ƙasa ko toka-toka. Shi ya sa duk wanda ya kalli hoto kawai ya yanke miki cewa cuta kaza ce ga magani, to gaskiya ya yi ganganci ko da kuwa ya dace ya canka.

Maganar kyasfi da mutane suka yi ba shirme bace, domin shi ne ya fi yawa a cikin tabo mai haske a wajenmu musamman ga matasa masu shekarunta lokacin zafi da gumi. Wata ƙwaya ce dangin funfuna da dama tana zaune a fatar kowa, idan gumi da maiƙo suka yi yawa sai ta yi ƙarfi. Amma shi kyasfi yana da halinsa, ba ya zuwa shi kaɗai, zaki ganshi ɗigo-ɗigo da yawa a ƙirji da baya da wuya da kafaɗa suna haɗewa da juna, kuma idan kika sa farce kika ɗan kankara a hankali ko kika ja fatar da yatsu biyu zaki ga wani gari-gari mai laushi ya tashi. Idan shi ne, shamfu mai ketokonazol ana shafawa a jiki a barshi kamar minti 5 kafin a wanke, kullum har kwana 5, ko kirim ɗin kilotirimazol safe da yamma sati 2 zuwa 4, yana kashe shi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne bayan ƙwayar ta mutu launin fatar baya dawowa nan take, sai ya ɗauki wata biyu uku ko fiye, sai su ce magani bai yi ba su ƙara sayo wani. Alamar ya warke ita ce garin nan ya daina tashi kuma tabon ya daina faɗi. To na ɗiyarki faɗi yake ƙarawa, kuma ya zauna shi kaɗai wata da watanni, wannan bai cika kama da kyasfi ba.

Makero kuma ƙaiƙayi yake, bakinsa ya tashi zagaye da ƙananan ƙuraje tsakiyarsa ta washe. Ban ga haka ba, sai dai fa kirim ɗin da kuka shafa zai iya goge waɗannan alamun, zan dawo kan wannan. Akwai kuma bitiligo, wanda fata ke rasa launinta, shi fari ne fat babu gauraye, ya fi son gefen baki da ido da yatsu, kuma mai shi yana jin taɓi daidai. Yara ma suna samun wani haske-haske a kumatu saboda bushewar fata musamman da hunturu, wannan bakinsa baya fita sosai kuma man shafawa kawai yake so.

Saura guda ɗaya, kuma dan Allah ki nutsu ki karanta har ƙarshe kafin gabanki ya faɗi. Duk tabo mai haske ko jaja-jaja da ya daɗe, baya ƙaiƙayi, baya ciwo, magani bai taɓa shi ba, dole ma'aikacin lafiya ya tabbatar ba farkon kuturta bane. Ban ce ita ce ba wallahi, ba zan iya cewa haka daga hoto ba, kuma ƙila a duba a ce miki wani abu ne daban. Amma ita ce wadda idan aka yi sakaci aka barta take ɓarnar da bata gyaruwa, idan kuma aka gano ta a wannan matakin take warkewa tas babu wanda zai taɓa sani. Mutanenmu sun san kuturta ne a ƙarshenta, yatsu sun dunƙule ko sun gutsire, basu san cewa shekaru kafin nan tabo ne kawai irin wanda ake cewa kyasfi. Har yanzu duniya ana samun sababbin masu ita wajen 200,000 duk shekara, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ake samun fiye da 1,000 a shekara, don haka ba tsohon labari bane.

Ƙwayar cutar jijiyoyin ji take kamawa, waɗanda ke cikin fata da na hannu da ƙafa da fuska. Shi ya sa tabonta ya bambanta da sauran, wurin yana mutuwa, ji yana raguwa, baya gumi, gashin wurin ya kan zube. Wannan kuma abu ne da zaki iya gwadawa yau a ɗaki. Ki samu auduga mai tsabta ki murza bakinta ya yi tsini. Ki zaunar da ita inda akwai haske, ki fara idonta a buɗe, ki taɓa lafiyayyar fata a hankali ki ce ta nuna miki da yatsa daidai inda kika taɓa, ki maimaita har ta gane yadda abin yake. Sannan ta rufe ido ko ki sa ƙanwarta ta kare mata da littafi. Yanzu ki riƙa taɓawa kina canza wuri, wani lokaci gefen tabon wani lokaci tsakiyarsa wani lokaci ɗaya hannun, kar ki bi tsari ɗaya da zata iya canka, kuma taɓawa zaki yi ki ɗaga ba shafawa ba, kar kuma ki riƙa tambayarta kin ji? kin ji? domin tambayar kanta tana gaya mata kin taɓa. Ki yi shiru ita ta nuna. Idan duk sanda kika taɓa lafiyayyen wuri tana nunawa amma tsakiyar tabon ta yi shiru ko ta nuna can nesa da wurin, to ji ya ragu. Ki yi haka a na bayan ma. Dan Allah banda allura, banda reza, banda ashana ko ruwan zafi, audugar ta isa.

Ki kuma lura da ita bayan ta yi aiki ta yi gumi ko ta dawo daga makaranta da rana, shin wurin ya jiƙe kamar sauran hannun ko shi a bushe yake. Ki tambayeta ko tana jin ƙaramin yatsanta da na kusa da shi suna mata dindiris ko kamar tafiyar kiyashi, ko abu na suɓuce mata a hannu, ko takalmi silifa na fita daga ƙafarta bata sani ba, ko ta taɓa ƙonewa wajen girki bata ji zafi ba sai ganin bororo ta yi. Wannan na ƙarshen ki tambaya da kyau, 'yan mata da yawa a kicin ake fara ganewa.

Amma ga iyakar gwajin nan kar ki ɗauke shi ya wuce matsayinsa. Idan bata ji ba, wannan babbar alama ce ku tafi kai tsaye. Idan kuma ta ji sarai, hankali ya ɗan kwanta amma bai wanke ta gaba ɗaya ba, saboda a farko-farko jin kan iya kasancewa yana nan, kuma akwai nau'in da tabonsa ke da yawa amma ba ya mutuwa da wuri, tabon fuska ma sau da yawa ana ji. Tabo mai wata 7 yana faɗi har ya yi ƙani, ko ta ji ko bata ji ba sai an gani ido da ido.

Yanzu kirim ɗin nan. Ku daina shafawa daga yau, kuma kar ki yar da tiyub ɗin da kwalinsa ki tafi dasu asibiti a jaka. Irin waɗannan masu magani uku a haɗe kusan duk akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, betametason ko kilobetasol, ki ba wani mai ilimin magani ya karanta miki jikin kwalin zaki ji ɗaya daga ciki. Aikin sitiroyid kwantar da kumburi da ƙaiƙayi ne, baya kashe ƙwayar cuta, hasali ma rage wa fata ƙarfin kare kanta yake. Shi ya sa mai makero idan ya shafa kwana uku sai ya ji daɗi ya ce kirim ɗin nan akwai kyau, alhali makeron na ta yaɗuwa a ƙasa bakinsa ya baje ya daina kama da makero har likita ma ya sha wuyar gane shi. Idan aka daɗe ana shafawa fatar wurin tana sirancewa, ta ƙara haske, nankarwa ta fito jijiyoyi su bayyana. Kinga kenan wani ɓangare na hasken da faɗin da kike gani zai iya zama aikin kirim ɗin ne, wannan ma wani dalili ne da yasa hoto ba zai raba mana gardama ba. Abin yana damuna ƙwarai yadda ake miƙa wa mutane wannan kirim a kan komai, har jarirai ana shafa musu a zanin fitsari. Sabulu mai sauƙi da basilin kawai ta riƙa amfani da su kafin ku je. Kar a shafa tafarnuwa ko toka ko ruwan batir ko man birki, kar a tsaga, domin ƙuna da tabon tsaga suna lalata wurin da za a gwada.

Inda zaku je, ba sai kun nemi babban likitan fata a asibitin koyarwa ba tukuna. A Najeriya kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke kula da tarin fuka da kuturta, kuma galibi ɗakin da ake karɓar maganin tibi a babban asibitin gwamnati nan ne ake duba wannan ma, ki tambaya a wajen yankar kati za a nuna miki. Baki faɗi garinku ba, amma idan kuna kusa akwai asibitin Yadakunya a Kano, akwai cibiyar Saye a Zariya, akwai Amanawa a Sakkwato, a Nijar kuma akwai Danja kusa da Maraɗi, duk sun daɗe suna wannan aikin kuma suna ganin sauran cututtukan fata ma ba kuturta kaɗai ba. Idan kun shiga kar ki ce kyasfi ne ya ƙi jin magani, domin a layi mai tsawo sai a rubuta miki wani kirim a sallame ku. Ki ce tabo ne wata 7 baya ƙaiƙayi yana faɗi, na biyu ya fito, ga abin da muka shafa, ina so a gwada ko tana ji a wurin. Idan kin yi gwajin auduga ki faɗi abin da kika gani.

Zasu duba jikinta duka a cikin haske don ƙirga tabon, don haka ki shirya ta tun a gida, kuma kina da damar cewa mace kike so ta duba ta ko ki tsaya a ɗakin. Zasu taɓa jijiyar bayan gwiwar hannu da ta gefen gwiwar ƙafa da ta wuya su ji ko ta yi kauri ko tana ciwo, su gwada ƙarfin yatsu da rufe ido. Wani lokaci su ɗan tsaga fatar kunne ko bakin tabon kaɗan su ɗebi ruwa a duba a na'ura, idan kuma suna zargin kyasfi ko makero su kankari garin fatar. Ba wani abin tsoro a ciki.

To a ce an duba an ce ita ce, me zai biyo baya? Magani ne na haɗiya kala uku, rifamfisin da dafson da kilofazimin, kuma kyauta ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba shi kyauta tun 1995. Mai tabo 1 zuwa 5 wanda ba a ga ƙwayar a gwajin fata ba wata 6 yake sha, wanda ya wuce haka ko jijiya ta taɓu ko aka ga ƙwayar wata 12. Ɗiyarki mai tabo 2 idan jijiyoyinta lafiya lau kuma ba a ga ƙwayar ba a sahun wata 6 zata faɗa. Sau ɗaya a wata ake zuwa a sha na gaban ma'aikaci a karɓo katin sauran kwanakin. Ranar da ta sha na watan fitsarinta zai yi ja, rifamfisin ne ba jini ba, kilofazimin kuma yana sa fata ta ƙara duhu ta bushe amma yana washewa a hankali bayan an gama, ina faɗa miki ne tun yanzu saboda 'yan mata suna yar da magani a ɓoye a kan wannan duhun. Da zarar an fara shan magani ta daina yaɗa wa kowa, zata ci gaba da makarantarta da islamiyyarta, ku ci abinci kwano ɗaya, ba a ware mata kofi ko ɗaki. Dama can ba cuta ce mai saurin kamu ba, sai an daɗe ana zama kusa da wanda bai sha magani ba ta hanyar numfashi, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu baya karɓarta ma. Ba gadonta ake ba, ba cin kifi da nono ke kawota ba, ba jifa bace ba kuma baki ba. Tana iya kwanciya a jiki shekara 5 har zuwa 20 kafin ta nuna, don haka kar a tsaya neman wanda ya shafa mata a zargi maƙwabta ko dangin uba. Abin da ya dace shi ne a duba 'yan gidan duka, a wasu wuraren ma ana ba su rifamfisin sau ɗaya na kariya.

Dalilin da yasa nake ta matsa miki a kan lokaci shi ne maganin yana kashe ƙwayar ko yaushe aka fara, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa baya dawo da ita. Idan rauni ko mutuwar jin bai wuce wata 6 ba akwai maganin da likita ke ƙarawa kuma sau da yawa yana dawowa, idan ya daɗe sosai sai dai a koya wa mutum yadda zai kare hannunsa da ƙafarsa. Yatsun da kike gani sun gutsire ba cutar ce ke cinye su ba, ƙuna ce da sartse da gyambo a wurin da mutum baya jin zafi, yana ta takawa yana ta aiki da shi har ƙashi ya lalace. Don haka ko kafin ranar zuwanku ko tana cikin shan magani, idan tabon ya kumbura ya yi ja farat ɗaya, ko gwiwar hannu ta kama ciwo mai tsanani, ko yatsu suka rasa ƙarfi, ko ido ya ƙi rufuwa ko ya yi ja yana ciwo, a ranar zaku koma. Haka idan zazzaɓi da ƙuraje da shawara suka taso a makonnin farko na magani, a tsayar a koma a ranar, dafson kan yi wa wasu haka.

Tunda na san wasu iyayen zasu karanta su ma da nasu hoton a waya, akwai ƙurajen da ba a tsayawa ɗaukarsu hoto ma balle jiran amsata. Yaro ko babba mai zazzaɓi da ɗigo-ɗigon ja ko baƙi-baƙi wanda idan kika danna gefen kofin gilas a kai baya ɓacewa, musamman da ciwon kai ko sanƙarewar wuya ko yawan barci, wannan a ɗauke shi yanzu ko tsakar dare ne, lokacin zafi sanƙarau baya jira. Wanda ya fara sabon magani a 'yan kwanakin nan ko makonni, irin su seftirin ko maganin farfaɗiya, sai ga zazzaɓi baki ya fashe ido ya yi ja fata na saluɓewa, a daina maganin a tafi da shi da kwalin. Borin jini da ya zo da kumburin leɓe ko harshe ko numfashi na sarƙewa shi ma mintoci ne. Ƙyanda idan yaro na numfashi da sauri ko ya ƙi nono ko idonsa ya yi fari-fari, da duk wani ƙurji a jaririn da bai kai wata 3 ba in da zazzaɓi. Sai kuma wanda ba na gudu bane amma ba a barinsa, baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma ko canza kama ko zubar da jini, da gyambon da ya wuce wata bai rufe ba musamman ga mai ciwon suga ko zabiya.

Kafin ku tafi ki sake ɗaukar hoto mai kyau don likitan da kuma ke kanki. A waje cikin inuwa da safe, babu filasha babu filta, fatar babu mai, ki ajiye murfin kwalbar lemo a gefen tabon don a san girmansa, ɗaya daga nesa yadda za a ga duk hannun ɗaya kuma kusa, haka na bayan. Idan kina da tsohon hoto na biki ko sallah da hannun ya fito a ciki ki nemo shi, yana taimakawa a san yaushe ya fara da saurin faɗinsa. Hoton yarinya budurwa kuma ki daina tura shi guruf-guruf, ki bar fuskarta a waje ko da likita zaki tura wa.

Ita kuma ki zaunar da ita ki gaya mata za a je a duba ne don a san maganin da ya dace, ba sai kin ambaci sunan wata cuta ba tunda ba a tabbatar ba, kuma ba sai 'yan unguwa sun sani ba. Babanta dai ki gaya masa yau don ya shirya kuɗin mota. In kun dawo ki rubuto min abin da aka ce da abin da audugar ta nuna, Allah ya sa mu ji alheri.